Lokacin da kamfani ya ce "dawo mu yi maka ragi": yadda ake auna tayin kafin a amsa

Duk wanda ya taɓa ciniki a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ya san abin da ke faruwa idan ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka juya ka fara tafiya. Kafin ka yi taku biyar sai ka ji "zo mana Alhaji, kawo kuɗin." Farashin da ya rantse ba zai sallama ba ɗazu, shi ne ya sallama yanzu, don ya ga ƙeyarka. Kamfanonin waya, na intanet ɗin gida da na tashoshin tauraron ɗan'adam su ma suna da irin wannan kira. Bambancin shi ne nasu a tsare yake, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, an kuma rubuta musu abin da za su fara tayawa da inda za su tsaya. Mai atamfa idan ya sallama an gama, ka ɗauki kayanka ka tafi. Kamfani kuwa wata-wata kake biyansa, saboda haka ragin da ya yi maka yau yana da niyyar ya fanshe shi a watannin da ke tafe.

A ƙasashe irin su Birtaniya, inda mutane da yawa ke sa hannu a yarjejeniyar shekara ɗaya ko biyu, wannan ciniki yana faruwa ne a lokacin da ka buga waya ka ce a rufe maka layi. Abin ya dami mutane har hukumar sadarwar ƙasar, Ofcom, ta fito da tsari a 2019 wanda mutum zai iya barin kamfanin waya da saƙon tes kawai ba tare da ya yi magana da kowa ba. A nan Nijeriya yawancinmu biya muke yi kafin mu yi amfani, babu wanda muke neman izininsa idan za mu tafi. Shiru kawai muke yi, mu daina sa kati. Shi ya sa tayin namu yake zuwa daga baya: kwanaki kaɗan da ƙarewar kuɗinka sai saƙo ya shigo wai an yi kewarka, ko wata murya mai ladabi ta kira ta tambayi ko lafiya.

Ƙanina yana da shagon buga takardu da cike-ciken fom a Samaru, Zariya. Intanet ita ce jarinsa, domin rabin aikinsa na ɗalibai ne: rajista, biyan kuɗin makaranta, fitar da sakamako. Yana biyan wani kamfani naira 30,000 a wata kan giga 150, kuma a mafi yawan watanni giga 110 zuwa 120 yake ci. Abu biyu suka sa ya fara tunanin tashi. Kuɗin ya yi masa nauyi, kamar yadda ya yi wa kowa tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Sannan sabis ɗin yakan ɗauke masa da rana, kusan sau uku a wata, daidai lokacin da shago ke cike. Ya samu wani kamfanin da ke ba da giga 120 a kan 22,000, amma sai ya sayi sabuwar rauta, wato na'urar da ke kamo intanet, ta 25,000, domin wadda yake da ita a kulle take, layin tsohon kamfanin kaɗai take karɓa.

Da kuɗinsa ya ƙare bai sabunta ba, ya riƙa lallaɓawa da datar wayarsa. Rana ta tara ina zaune a shagon wata ma'aikaciyar tsohon kamfanin ta kira shi, ya buɗe murya ya ajiye wayar a kan tebur.

"Yallaɓai, mun ga ba ka sabunta ba, ko akwai wata matsala?"

Ya faɗa mata. Ta ba shi haƙuri, sannan ta ce saboda ya daɗe tare da su, idan ya biya yau za a ninka masa data, giga 300 maimakon 150. Ya ce zai yi tunani. Ta ce ya ɗan riƙe layi. Da ta dawo sai ta ce an ba ta dama ta musamman: ragin kashi 40 cikin ɗari na wata uku, da sharaɗin ya biya wata ukun gaba ɗaya, wato 54,000 maimakon 90,000. Tayin kuma zuwa gobe da daddare ne.

Da ta kashe sai ya dube ni fuska a sake ya ce, "Yaya, kashi arba'in fa. Ai wannan ya fi na wancan kamfanin araha."

A wata uku, gaskiyarsa. Amma bari mu bi tayin biyun ɗaya bayan ɗaya, domin ba iri ɗaya ba ne, kuma ba don wasa aka jera su a haka ba.

Na farko gyara ne, irin wanda mai awo ke ƙara maka da tafin hannu bayan ya cika mudu. Na biyu ragi ne, kuɗin da zai fita daga aljihunka ya ragu. Kamfani kullum da gyara yake farawa, saboda gyaran data kusan bai ci masa komai ba. Turakunsa suna tsaye, injin yana cin dizal ko ka sha giga ɗari ko ɗari uku. Kai kuma darajar gyara a wurinka ita ce iyakar abin da da za ka saya da kuɗinka in ba a ba ka ba. Ƙanina giga 120 yake ci a cikin 150, ko wanda yake biya ba ya cinyewa. Idan an mayar da shi 300, an ba shi abin da zai ƙare a banza ne ranar da wata ya cika. A takarda kyautar 30,000 ce, a aljihunsa ko kwabo ba ta kai ba.

Akwai hanya ɗaya da gyara ke komawa kuɗi, ita ce idan ya ba ka damar saukowa zuwa ƙaramin tsari. Da a ce ninkin ya shafi tsarin giga 60 ko 75, sai ya sayi ƙaramin, a ninka masa ya kai abin da yake buƙata, ya biya kusan rabin kuɗi. Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi wa duk mai tayin ninki: "Idan na sayi na ƙasa da wannan, za a ninka?" Ya kira ya tambaya, aka ce a'a, sai a kan tsarinsa na yanzu ko wanda ya fi shi. Wannan amsa kaɗai ta isa ta nuna maka wanda aka shirya tayin don amfaninsa.

Kuma ko kana da buƙatar ƙarin, gyara yakan zo da igiya a ƙafa. Wani bonas ɗin kwana bakwai ne wa'adinsa alhali babban tsarin na kwana talatin ne. Wani sai da tsakar dare yake aiki. Wani kuma ba a fara taɓa shi sai ka cinye naka na asali, wanda ke nufin mutum irin ƙanina ba zai taɓa isa gare shi ba. A layin waya ma haka ne: a ce an ba ka bonas na kira ninki biyar, amma kowane minti a cikin bonas ɗin ana cajinsa da tsada fiye da na katin gaske, ko kuma ba ya sayen data. Kafin ka ƙirga gyara a lissafi, ka san yaushe yake ƙarewa, wane lokaci yake aiki, da kuma wanne ake fara ci.

Masu tashoshin talabijin suna da nasu salon: ka biya kuɗin tsarin da ke sama da naka, a buɗe maka wanda ya fi shi na wata ɗaya. A nan kuɗin da ka kashe ƙaruwa ya yi. Idan wata ya ƙare kuma yara sun riga sun saba da tashoshin, saukowa sai an kai ruwa rana a gida.

Sai tayi na biyu, wanda shi ragi ne na gaske. Kuskuren da ake yi shi ne auna shi da tsawon wa'adinsa. Wanda zai ci gaba da buƙatar intanet har abin da Allah Ya yi, ya kamata ya auna da shekara. Na jawo bayan wata takarda da ta lalace a wurin bugu muka zauna.

Idan ya zauna: wata uku a kan 18,000 ya zama 54,000. Sauran wata tara a kan tsohon farashi na 30,000 ya zama 270,000. Jimilla 324,000 a shekara. Ba tare da ragin ba da 360,000 zai biya, ke nan abin da aka rage masa 36,000 ne, kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shekara. Arba'in ɗin da ya faranta masa rai goma ce idan aka shimfiɗa ta a wata goma sha biyu.

Idan ya tashi: 22,000 sau goma sha biyu ya zama 264,000, a ɗora kuɗin rauta 25,000, jimilla 289,000. Tashi ya fi zama sauƙi da 35,000 a shekarar farko, duk da ragin da duk da sabuwar rauta. A shekara ta biyu, inda babu ragi kuma babu sayen rauta, tazarar ta koma 96,000, in farashin duka biyun ya tsaya yadda yake.

Ya yi shiru, sannan ya kawo maganar da kowa ke kawowa. "To rautar nan fa da na saya dubu arba'in? Shi ke nan ta tashi a banza?" Wannan kuɗi ya riga ya tafi shekara biyu da suka wuce, ko ya zauna ko ya tashi ba zai dawo ba, don haka ba shi da gurbi a lissafin. Abin da ke da gurbi shi ne kuɗin da zai fita daga yau, wato sabuwar rauta, kuma mun sa ta. Mutane da yawa suna ci gaba da biyan ƙarin dubu takwas kowane wata don tausayin na'urar da ko an kai ta kasuwa ba za ta yi dubu goma ba.

Lissafin ya buɗe wata hanya ta uku wadda ma'aikaciyar ba ta ambata ba: ya karɓi ragin, ya ci wata ukunsa a 18,000, sannan ya tashi. Wato 54,000, da wata tara a 22,000 wanda ya zama 198,000, da rauta 25,000, jimilla 277,000. Ya fi tashi nan take sauƙi da 12,000. Babu ha'inci a ciki matuƙar ba ka yi alkawarin zama bayan wa'adin ba. Kamfanin ya san wasu za su yi haka. Abin da ya dogara a kai shi ne mafi yawa ba za su yi ba: wata uku zai wuce, zafin ran ya huce, an manta da maganar wancan kamfanin, ranar sabuntawa ta zo ana cikin aiki, a tura 30,000 a ce "wata mai zuwa zan duba." Ainihin abin da kamfani ke saye da 36,000 ɗin nan shi ne mantuwarka. Wanda zai bi wannan hanya ya sa wa kansa tunatarwa a waya mako guda kafin ragin ya ƙare, kuma idan ya taɓa sa katin banki ko ya amince da sabuntawa kai-tsaye, ya kashe ta tun ranar da ya karɓi tayin.

Sai dai a duba sharaɗi da kyau, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wani ragin yana ɗaure ka na wata shida ko shekara, idan ka fita kafin lokaci a ce ka dawo da abin da aka rage. A wurin ƙanina ɗaurin shi ne biya gaba ɗaya. Ya tambaya ko za a mayar masa da sauran kuɗinsa idan sabis ya ci gaba da ɗaukewa a wata na farko, aka ce ba a mayarwa. Ke nan da zarar 54,000 ta fita, ba shi da sauran abin da zai yi musu barazana da shi har wata uku. Ga ƙaramin shago kuma, fitar da wannan kuɗi a rana ɗaya yana nufin takarda da tawadar da ba a saya ba.

Duk wannan lissafin farashi ne, kuma da tsada ce kaɗai damuwarsa, da hanya ta uku ta ci. Amma ya faɗi dalili biyu, ita kuwa ma'aikaciyar ɗaya ta amsa. Ragi maganin tsada ne. Bai gyara turke ba, bai ƙara ƙarfin sabis a Samaru ba. Na tambaye shi nawa yake rasawa duk ranar da intanet ta ɗauke da rana. Ya ce ɗalibai ba sa jira, shago na gaba suke wucewa, aƙalla aikin 5,000 ne ke tafiya. Sau uku a wata, 15,000 ke nan. Ragin kuwa 12,000 ne a wata. Wato ko a cikin watannin rangwamen ma, abin da matsalar ke ci ya fi abin da aka ba shi don ya jure ta. Idan kuma aka kwatanta da sabon kamfanin, ribar jinkirta tashi 4,000 ce kacal a wata, a gaban asarar 15,000.

A ganina nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa. Ka kira da ƙorafin abu ba ya aiki, a amsa maka da farashi, ka kashe waya kana jin ka yi nasara. Su kansu ma'aikatan ba laifinsu ba ne, ba su da ikon gyara turke, abin da ke hannunsu ke nan, kuma da yawan waɗanda suka dawo da su ake auna ƙwazonsu. Amma kai ka tambayi kanka: da sun ba ni shi kyauta, zai yi min aikin da nake so? Idan amsar a'a ce, girman ragin ba shi da wani tasiri.

Ɗaya ɓangaren shi ma yana buƙatar bincike, kada a gudu daga ruwa a faɗa kogi. Duk lissafin da muka yi ya ginu ne a kan cewa sabon kamfanin zai yi aiki a wannan shago, a wannan lungu, da ƙarfe biyu na rana. Talla ba ta tabbatar da wannan, kuma sabis da ke gudu a Sabon Gari yana iya rarrafe a Samaru. Hanyar sani ita ce gwaji: ka ari rautar maƙwabci na yini biyu, ko ka sayi ƙaramin tsari na mako a layin wancan kamfani ka sa a waya, ka yi ainihin aikinka da shi a lokacin da aka fi cunkoso. Ka kuma tambaya ko 22,000 ɗin farashin dindindin ne ko shi ma na jawo sabon kwastoma ne da zai tashi bayan wata biyu, domin kamfanin da ke zawarcinka ragi yake yi kamar wanda ke bikonka.

Ga wanda layin waya yake so ya sauya, tun 2013 ana iya komawa wani kamfani da lambar da kake da ita. Ofishin sabon kamfanin ake zuwa da shaida, a cike fom, a tura PORT zuwa 3232. Kuɗin fita a nan shi ne kati da datar da suka rage a tsohon layin ba sa bin ka, kuma akwai wa'adin da za ka jira kafin ka sake sauyawa. Don haka a cinye abin da ke ciki tukuna.

Maganar "zuwa gobe da daddare" kuwa, kada ta ɗaga maka hankali. Mai yiwuwa ne wannan tayin ya rufe gobe, amma dalilin da ya sa aka yi shi bai rufe ba. Kamfani ya riga ya kashe kuɗi wajen samo ka, da talla da kamashon dillali, kuma dawo da kai ya fi masa sauƙi a kan nemo baƙo. Layinka idan ya ci gaba da zama shiru, sau da yawa wani tayin zai biyo baya. Abin da za ka nema kafin ka biya shi ne a turo maka sharuɗɗan a rubuce, ta tes ko imel daga kamfanin: nawa, wata nawa, me zai biyo baya. Alkawarin baki a waya ba ya da amfani ranar da ka duba ka ga ba a sa maka komai ba, ka kira ka samu wani ma'aikacin da bai san zancen ba. Idan kana da shi a rubuce kuma kamfanin sadarwa ya ƙi cikawa, ka fara kai ƙorafi wurinsu ka karɓi lambar ƙorafin, in ba su warware ba sai ka kira NCC a 622. Sannan duk wanda ya kira da sunan rangwame ya ce ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko ka karanto masa lambar sirri da aka turo maka, ba daga kamfani yake ba. Ka kashe, ka kira lambarsu da ka sani da kanka, ka biya ta inda ka saba biya.

Ƙanina bai biya a daren ba. Ya ari rautar mai shagon gyaran waya da ke kusa da shi ranar Litinin da Talata, ranakun da ɗalibai suka fi yawa, sabis bai ɗauke ba ko sau ɗaya, sai dai ya ɗan yi nauyi bayan magariba, lokacin da dama ya kusa rufewa. Ranar Laraba ya sayi sabuwar rauta. Tsohuwar bai sayar ba, ya naɗe wayarta ya sa a durowa, ya ce lokacin rajistar jarrabawa zai sa mata tsarin mako ɗaya ta zama ta ko-ta-kwana. Mako uku bayan haka suka sake kiransa, wannan karon da ragin rabin kuɗi na wata biyu. Yana riƙe da wayar a kafaɗa yana ciro takarda daga firinta, ya ce, "Hajiya, ku turo min a rubuce, zan duba."